Biyu Ce Ko Sha Ɗaya? Yadda Ake Fitar Da Lambar Hanyar Rayuwa Daga Ranar Haihuwa

Wata Asabar bayan La'asar, 'yar yayata ta zo gidanmu a Tudun Wada riƙe da waya. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Kawu, kai da kake koyar da lissafi, raba mini gardama. Na sa ranar haihuwata a wuri biyu, ɗaya ya ce lambata 11 ce, ɗaya ya ce 2 ce. Wanne ne ya yi kuskure?" Na karɓi biro da takarda, na tambaye ta ranar, ta ce 19 ga Agusta, 2000. Na lissafa ta hanya guda, 11 ta fito. Na sake ta wata hanyar, 2 ta fito. Na ce mata babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowanne da hanyar da ya bi. Ta ce to ita ba ta gane ba, ai lissafi amsa ɗaya gare shi.

Ta yi gaskiya, lissafi amsa ɗaya gare shi. Amma abin da ake kira lambar hanyar rayuwa lissafi ne da aka ɗora masa wata doka ta daban, kuma wannan dokar ce ke kawo saɓani.

Masu wannan fanni suna ɗaukar ranar haihuwar mutum da kalandar Miladiyya, wato kwanan wata da watan da shekarar, su yi ta tara alƙalumanta har sai lamba ɗaya tak ta rage, daga 1 zuwa 9. Ita ce suke cewa tana nuna halin mutum da inda rayuwarsa ta dosa. Tarawar kanta ɗan aji uku na firamare zai iya yin ta. In ka sami 25, sai ka ce 2 da 5, bakwai. In ka sami 19, sai ka ce 1 da 9, goma, goma kuma alƙalami biyu ce, sai ka sake cewa 1 da 0, ɗaya. Wannan shi ne ragewa, kuma shi ne duk aikin.

Mu gwada da ranar da kowa ya sani, ranar da Najeriya ta sami 'yancin kai, 1 ga Oktoba, 1960. Hanyar da yawancin marubutan fannin suka fi so ita ce a rage kowane kashi shi kaɗai tukuna. Kwanan wata 1 ne, ba ya bukatar komai. Oktoba wata na goma ne, 1 da 0 ya koma 1. Shekarar kuwa, 1 + 9 + 6 + 0 = 16, sai 1 da 6 ya ba da 7. Yanzu a haɗa ukun: 1 + 1 + 7 = 9. Duk wanda aka haifa a wannan rana lambarsa 9 ce, kuma kowace hanya ka bi 9 za ka tarar. Mafi yawan ranaku haka suke, ba gardama a kansu.

Gardamar tana tasowa ne saboda lambobi uku da aka ware aka ce su manya ne, ba a rage su: 11, 22 da 33. Dokar ta ce in kana cikin ragewa ka ci karo da ɗaya daga cikinsu, ka tsaya nan. Kada ka mai da 11 ta zama 2, ko 22 ta zama 4, ko 33 ta zama 6. Shi ya sa za ka ga an rubuta 11/2 ko 22/4 ko 33/6, babbar a gaba, ƙaramar da ke ƙarƙashinta a baya. A faɗarsu, mai 2 mutum ne mai son sulhu da zaman lafiya, mai 11 kuwa yana da wannan halin amma da kaifin basira fiye da kima. Mai 4 ma'aikaci ne mai tsari, mai 22 suna kiransa babban magini. Mai 6 mai ɗawainiya da iyali ne, mai 33 kuma babban malami. Wasunsu ba su yarda da 33 ba sam, 11 da 22 kaɗai suke ƙirgawa. Su 44 da 55 kuwa galibi ba a sa su a lissafi.

To amma dokar ba ta faɗi abu mafi muhimmanci ba: ta wace hanya za ka bi ka ci karo da su? Hanyoyin da ake bi uku ne, kuma ranar 'yar yayata ta isa ta nuna su duka.

Hanya ta farko ita ce wadda muka bi da ranar 'yancin kai. Kwanan wata 19 ya koma 10, ya koma 1. Agusta wata na 8 ne. Shekarar 2000 ta koma 2. Jimla: 1 + 8 + 2 = 11. An tsaya.

Hanya ta biyu ba ta raba komai. Ana jera duk alƙaluman a layi ɗaya a tara su gaba ɗaya: 1 + 9 + 8 + 2 + 0 + 0 + 0 = 20. Ashirin ba babbar lamba ba ce, dole a rage ta, 2 da 0 ya ba da 2. Ka ga nan ba a taɓa ganin 11 a hanya ba, an tsallake ta.

Hanya ta uku ita ce a tara kwanan wata da wata da shekara a cikakkiyar siffarsu, kamar yadda mai shago a Kasuwar Barci zai tara kuɗin kaya uku: 19 + 8 + 2000 = 2027. Sannan a rage: 2 + 0 + 2 + 7 = 11.

Biyu sun ba ta 11, ɗaya ta ba ta 2. Da ta ga haka sai ta yi murmushi ta ce, "To Kawu, masu rinjaye sun ce 11." Na ce mata ta dakata, rinjayen nan ba shi da tabbas. Na ba ta wata ranar, 14 ga Yuli, 1988. A hanya ta farko 14 ya koma 5, Yuli 7, shekarar kuma 1 + 9 + 8 + 8 = 26, ta koma 8. Jimla 20, wato 2. A hanya ta biyu, 1 + 4 + 7 + 26 = 38, 3 da 8 kuma 11. Abin ya juya ke nan: hanyar da ta hana ta 11 ita ce ta ba wannan mutumin, wadda ta ba ta kuma ita ce ta hana shi. Babu wata hanya da za a ce ita ce mai rowa ko mai kyauta a kowane lokaci. Ya danganta da ranar.

Ga inda nake so mai karatu ya natsu, don in ya gane wannan ya gane komai. A duk misalan nan, ko dai 2 ta fito ko 11, kuma 11 in aka rage ta 2 ce. Ba a taɓa samun hanya ɗaya ta ba da 2 wata ta ba da 5 ba. Ba kuwa sa'a ba ce, dalili ne na lissafi, kuma dalilin yana jikin lambar 9.

Goma ita ce tara da ɗaya. Ɗari ita ce 99 da ɗaya. Dubu ita ce 999 da ɗaya. Saboda haka duk lokacin da ka mai da 10 ta zama 1, abin da ka yi shi ne ka zubar da 9. In ka mai da 20 ta zama 2, ka zubar da 18, wato tara biyu. In ka mai da 1988 ta zama 26, ka zubar da 1962, wanda shi ne tara sau 218. Tara alƙaluma ba wani abu ba ne illa zubar da tara-tara. Ka ɗauka kana da buhun goro kana cirewa tara-tara kana ajiyewa gefe. Ko ka cire da sauri ko a hankali, ko ka fara kasa buhun kashi uku ko ka bar shi a dunƙule, abin da zai rage a ƙarshe ɗaya ne. Wannan ragowar ita ce lambar hanyar rayuwa. In ka raba 2027 da 9, za ka sami 225 da ragowar 2. In ka raba 20 da 9, ragowar 2. In ka raba 11 da 9, ragowar 2. Idan kuwa lamba ta rabu da 9 ba ragowa, amsar 9 ce, kamar ta ranar 'yancin kai.

Manyan lambobi kuwa zango ne a kan hanya, ba ƙarshen tafiya ba. Mai zuwa Kano daga Kaduna, ko ya yada zango a Zariya ko ya wuce, Kano dai zai sauka. Lambar 11 ita ce 2 da saura tara ɗaya ba a cire ba. Lambar 22 ita ce 4 da saura tara biyu. Lambar 33 ita ce 6 da saura tara uku. Ko za ka tsaya a kansu ko za ka tsallake, ya danganta ne da yawan tarar da hanyarka ke zubarwa a kowane taki. Ƙaramar lambar ta ranar haihuwa ce. Babbar kuwa ta ranar ce da hanyar a haɗe.

Wannan yana ba ka hanyar duba aikinka. Tara kwanan wata da wata da shekara, ka raba da 9, ka dubi ragowar. In amsar da aka ba ka ba ta koma wannan ragowar ba, to an yi kuskuren tarawa, ba saɓanin hanya ba ne. Mai amfani da Excel zai iya sa jimlar a gidan A1 ya rubuta wannan a wani gidan:

```
=MOD(A1-1,9)+1
```

Zai ba shi lamba daga 1 zuwa 9. In ta fito 1, 3, 5, 7, 8 ko 9, magana ta ƙare, babu batun babbar lamba. In ta fito 2, 4 ko 6, a nan ne kawai za a tambayi hanya.

Da zarar ka riƙe wannan, wasu abubuwa za su fara bayyana waɗanda masu rubuce-rubucen fannin ba kasafai suke faɗa ba. Ana yawan cewa manyan lambobi ba su da yawa, mai su na daban ne a cikin mutane. Mu duba 11 a hanya ta biyu. Jimlolin da ragowarsu 2 ce su ne 11, 20, 29, 38 da 47. A cikinsu 20 ce kaɗai ke komawa 2 kai tsaye, sauran duk ta kan 11 suke bi, don 2 da 9 sha ɗaya ne, 3 da 8 sha ɗaya, 4 da 7 sha ɗaya. Ga wanda aka haifa a 1988, shekarar kaɗai ta riga ta ba da 26, ba yadda za a yi jimlarsa ta zama 20. Ma'ana, a hanya ta biyu babu mai lamba 2 ko ɗaya a cikin haifaffun 1988. Duk wanda ya kamata ya zama 2 ya zama 11, wato kusan mutum ɗaya cikin tara. A aji mai ɗalibai arba'in da biyar 'yan shekara ɗaya, kimanin biyar ke nan. Abin da mutum ɗaya cikin tara ke da shi ba za a kira shi abu mai wuyar samu ba.

Ita 22 ta fi wuya, don ƙofarta ɗaya ce: sai jimlar ta faɗa kan 22 daidai. Lambobin 13, 31 da 40 duk 4 suke komawa ba tare da sun bi ta kanta ba. Ɗauki 6 ga Agusta, 1988. Hanya ta farko: 6 + 8 + 8 = 22, babban magini. Hanya ta biyu: 6 + 8 + 26 = 40, wato 4. Hanya ta uku: 6 + 8 + 1988 = 2002, ita ma 4. A hanya ta uku ma akwai iyaka mai ban sha'awa: da zarar jimlar ta kai 2000, alƙalumanta ba za su ƙara kai 22 ba ga kowa da ke raye yanzu. Sai jimla irin 1966, 1975, 1984 ko 1993 ce ke ba da ita. Yaran da aka haifa daga shekarar 2000 zuwa yau, wannan hanyar ta rufe musu ƙofar 22 gaba ɗaya.

Labarin 33 ya fi na kowa nuna yadda hanya ke yanke hukunci. A hanya ta uku ba ta fitowa ko kaɗan, domin jimlar da alƙalumanta suka fi bayar da yawa ita ce 1999, su kuma 28 kawai suke bayarwa. A hanya ta biyu tana fitowa ba wuya: 3 ga Afrilu, 1988 ya ba da 3 + 4 + 26 = 33, alhali hanya ta farko za ta ce 3 + 4 + 8 = 15, wato 6. A hanya ta farko kuwa, in ka rage kowane kashi zuwa alƙalami ɗaya, iyakar abin da za ka samu shi ne 9 + 9 + 9 = 27. Talatin da uku ta fi ƙarfinka. Ba za ta fito ba sai in ka bar wata babbar lamba a cikin kason ba ka rage ta ba.

Wannan kuma shi ne saɓani na biyu, wanda yake cikin hanya ta farko kanta. Idan kwanan watan ne 11 ko 22, ko 29 da ke komawa 11, ko watan Nuwamba ne, ko shekarar ce ta ba da 22 kamar 1966, 1975, 1984 da 1993, ko ta ba da 11 kamar 2009 da 2018, me za a yi? Wasu sun ce a bar babbar lambar yadda take a tara da ita. Wasu sun ce a rage ta, sai a jimlar ƙarshe ake neman manya. Wanda aka haifa 18 ga Yuli, 1975 zai ga bambancin da idonsa. In an bar shekarar a 22, lissafin ya zama 9 + 7 + 22 = 38, wato 11. In an rage ta zuwa 4, ya zama 9 + 7 + 4 = 20, wato 2. Haka yaron da aka haifa 11 ga Nuwamba, 2009: in an bar su, 11 + 11 + 11 = 33. In an rage su, 2 + 2 + 2 = 6. Hanyoyin da na ce uku ne, ashe huɗu ne.

Akwai ranakun da duk hanyoyin ke haɗuwa. Ranar 29 ga Mayu, 1984 tana cikinsu. In an bar manya, 11 + 5 + 22 = 38, ta koma 11. In an rage su, 2 + 5 + 4 = 11. In an jera alƙaluma, 2 + 9 + 5 + 1 + 9 + 8 + 4 = 38, ta koma 11. In an tara a dunƙule, 2018, ita ma 11. Wanda ke son ya yi wa kansa adalci a cikin wannan fanni, ga shawarata: ya zaɓi hanya ɗaya tun kafin ya ga amsa, ya faɗi wadda ya bi, ya kuma yi wa kowa lissafi da ita. Abin da nake gani a wurin matasa shi ne su gwada hanyoyin duka har sai wadda ta ba su babbar lamba ta fito, sannan su riƙe ta. In aka yi haka an daina lissafi, an koma zaɓe.

Kurakuran tarawa na gaske kaɗan ne, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Wanda ya fi yawa shi ne rubuta shekara da alƙalami biyu. In ka rubuta 88 maimakon 1988, ka jefar da 1 da 9, wato goma, amsarka za ta ragu da ɗaya. In ka rubuta 05 maimakon 2005, za ta ragu da biyu. Na biyu shi ne tsayawa a kan 10, alhali ba ta cikin manya, 1 take komawa. Na uku shi ne mutum ya ga an haife shi ranar 11 ko 22 ga wata ya ce lambar hanyar rayuwarsa ke nan. A'a, wannan kwanan wata ne kawai, sai an haɗa da wata da shekara. Abin da kuwa ba ya kawo matsala, ko da yake yana tsorata mutane, shi ne tsarin rubuta kwanan wata. Mu muna fara rubuta rana sannan wata, Amurkawa suna fara rubuta wata. Ko 5/7 ka rubuta ko 7/5, jimlar ba ta canzawa.

Amma a nan Arewa akwai matsalar da ta fi duk waɗannan girma, kuma ba ta cikin tarawa. Ita ce ranar kanta. Duk lissafin nan ya ratayu ne a kan a san kwanan wata daidai, don kuskuren kwana ɗaya yana canza amsar. Wanda aka haifa 14 ga Yuli, 1988 lambarsa 2 ko 11, wanda ya zo washegari 3 ce tasa. Mutum nawa ne a cikin iyayenmu suka san ranar haihuwarsu zuwa wannan matsayi? Da yawa a gida aka haife su, ungozoma ta yanke cibi, ba wanda ya rubuta komai. Abin da aka riƙe shi ne ranar mako, shi ya sa muke da Ladi da Talatu da Balarabe da Lami da Ɗanjuma da Asabe. Ko a riƙe lokaci, a ce da azumi aka haife ta, ko da kaka. Shekara kuma a danganta ta da wani abin da ya faru, a ce shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966, ko shekarar da aka canza kuɗi aka koma naira, wato 1973. Da aka zo neman makaranta ko aiki ko katin ɗan ƙasa, sai a je a yi takardar rantsuwa a sa ranar da ta fi sauƙin tunawa, sau da yawa 1 ga Janairu. Mahaifiyata haka tata take, kuma ita da kanta ta ce da damina aka haife ta. In na lissafa mata lamba da ranar da ke kan katinta, lambar takardar na fitar, ba tata ba.

Ko wanda aka rubuta nasa a asibiti bai tsira gaba ɗaya ba. A kalandar Miladiyya rana tana canzawa ne da ƙarfe goma sha biyun dare. A lissafinmu na Musulunci kuwa tana shiga ne da faɗuwar rana, shi ya sa in Bahaushe ya ce daren Juma'a, yana nufin daren da ke biyo bayan yinin Alhamis. Jaririn da aka haifa bayan Isha'i ranar Alhamis, kakarsa za ta ce ɗan Juma'a ne, takardar asibiti kuma ta ce Alhamis. Sannan Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Jaririn da aka haifa a Jidda da ƙarfe ɗayan dare, da wanda aka haifa a Kaduna a daidai wannan lokacin, kwanan watansu daban, lambarsu daban, alhali tare suka yi kukan farko. Masu fannin suna cewa a bi kwanan watan garin da aka haihu. Wannan ya warware yadda za a yi lissafin, amma tambayar da ke ƙarƙashi tana nan.

Sai kuma batun kalanda. 'Yar yayata ce ma ta tayar da shi, ta ce, "Kawu, in na yi da kwanan watan Hijira fa?" Na ce mata za ta iya tarawa, amma kada ta sa ran amsa ɗaya. Ranar 1 ga Muharram, 1400 ta zo daidai da 20 ga Nuwamba, 1979 a Saudiyya. Da Hijira, 1 + 1 + 5 = 7. Da Miladiyya, 2 + 11 + 8 = 21, wato 3. Rana ɗaya, lamba biyu, kuma wannan karon ba saɓanin babba da ƙarama ba ne, ragowar ce kanta ta bambanta. Kalandar Miladiyyar ma hannun mutane ne ya tsara ta ya kuma gyara ta. A 1582 an cire mata kwana goma, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga Oktoba. Ingila ba ta bi gyaran ba sai 1752, lokacin da ta cire kwana goma sha ɗaya.

Ana yawan jingina wannan fanni ga Fitagoras, masanin lissafin nan na Girka da ya rayu fiye da shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ɗaliban sakandare suka sani ta ka'idarsa ta kusurwa uku. Gaskiya ne shi da almajiransa sun ba lambobi ma'ana mai zurfi. Amma bai san kalandar Miladiyya ba, kuma Girkawan zamaninsa ba da waɗannan alƙaluma na 0 zuwa 9 suke rubutu ba, alhali a kansu duk dabarar ragewa ta dogara. Tsarin da ake yayi yanzu ya bunƙasa ne a Amurka a farkon ƙarni na 20, ta hannun marubuta irin su L. Dow Balliett. Kada kuma a haɗa shi da abajada da malamanmu na zaure suka sani, inda alif yake 1, ba 2, jim 3, dal 4. Wannan haruffa yake ba ƙima, kuma da shi mawallafan waƙoƙin ajami suke ɓoye shekarar da suka kammala waƙa a cikin ramzi. Asalinsu daban, aikinsu daban.

Ni malamin lissafi ne, kuma abin da zan iya tsayawa a kai shi ne ragowar rabawa da 9. Wannan tabbas ne, ana iya gwada shi a kan allo. Cewa wannan ragowar tana faɗin halin mutum ko makomarsa, babu binciken kimiyya da ya tabbatar da haka, kuma abin da muka gani na kalanda da agogo ya isa ya sa mai hankali ya yi tambaya. A matsayina na Musulmi kuma, gaibu na Allah ne shi kaɗai, malamanmu sun yi gargaɗi mai tsanani a kan zuwa wurin ɗan duba da gaskata shi, ko da ƙasa yake dubansa ko da lamba. Abin da ya fi damuna shi ne in ji yarinya ta fara shakkar wanda zai aure ta don an ce 4 ba ta jituwa da 5, ko saurayi ya ɗauki kansa na musamman don wata manhaja ta ce shi 22 ne, alhali da ya buɗe wata manhajar 4 za ta ce masa.

Kafin ta tafi, 'yar yayata ta karɓi biron ta ce bari ta yi wa ƙanenta, wanda aka haifa 28 ga Fabrairu, 2006. Ba ta bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin ba tukuna, sai ta fara da rabawa: 28 + 2 + 2006 = 2036, tara sau 226 ya ba da 2034, ragowar 2. Ta ɗago kai ta ce, "To shi ma sai an tambayi hanya ke nan." Ta gwada ta farko, 1 + 2 + 8 = 11. Ta gwada ta biyu, 2 + 8 + 2 + 2 + 0 + 0 + 6 = 20. Ta rubuta 11 a gefe ɗaya na takardar, 2 a ɗaya gefen, ta ninke ta ta sa a jaka ta ce za ta kai masa ya gani da kansa.